Kwafar Hirarrakin Bincike: Hannu, Na'ura, ko Gamin Gambiza

Abin da ake nufi da kwafe a fagen bincike shi ne mayar da maganar da aka naɗa a rikoda zuwa rubutu, domin mai nazari ya samu damar karanta ta da tsattsefe ta. Hanyoyi uku ake bi: ko dai mutum ya saurara ya buga da hannunsa, ko a ba manhajar gane magana ta fitar da rubutun, ko kuma a haɗa biyun, wato na'ura ta yi daftarin farko mutum ya bi sawunta yana gyarawa. Idan hira biyu ce ko uku, duk wadda aka ɗauka ta yi, amma da zarar hirarraki sun kai gommai, zaɓin da aka yi shi ne zai nuna ko kuɗin aikin da wa'adinsa za su isa.

A ƙaddara cewa wani bincike ya tattara hira 60, kowace ta awa ɗaya, kuma a kowace awa ana furta kalmomi wajen 9,000. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne cewa gwanin kwafe yana cin awa huɗu zuwa shida a kan awa guda ta magana mai fita tangaran, kuma lokacin yana iya haura awa takwas idan tattaunawar rukuni ce da mutane ke katse juna. Idan aka ɗauki awa shida, aikin hannu zai ci awa 360. Da wuya mutum ya wuce awa biyar a wuni yana wannan aiki ba tare da kunnensa da hankalinsa sun gaji ba, saboda haka mutum ɗaya yana bukatar kwanakin aiki 72, mutum uku kuma 24. Idan aka ƙaddara ladan awa ɗaya a kan naira 2,000, wanda adadi ne na misali kawai, jimillar za ta kama naira 720,000. Manhajoji irin su Express Scribe da oTranscribe, waɗanda ke rage saurin magana da mayar da ita baya kaɗan, suna sauƙaƙa wahalar, amma ba su sauya girman lissafin sosai ba.

Ta fuskar kuɗi da sauri, na'ura ba ta da abokin karawa. Kamfanin OpenAI ya fitar da manhajar Whisper a 2022, kuma da ya fara sayar da hidimarta ta intanet a 2023 ya sa farashin dala 0.006 a kan minti guda, wato mintoci 3,600 na wannan bincike ba za su kai dala 22 ba, kuma ana iya gama su cikin wuni ɗaya. Sai dai abin da ke fitowa daftari ne, kuma ana auna ingancinsa da ma'aunin kuskuren kalmomi, wanda ake lissafawa kamar haka:

```
WER = (S + D + I) / N
```

A nan S na nufin kalmomin da na'ura ta musanya da wasu, D waɗanda ta tsallake, I waɗanda ta ƙara daga aljihunta, N kuma yawan kalmomin da aka furta a zahiri. Kuskuren kashi 10 cikin ɗari yana iya zama kamar ƙaramin abu, amma a hirar kalmomi 9,000 kurakurai 900 ke nan, kuma ma'aunin bai bambanta ƙaramin kuskure da babba ba. Faɗuwar kalmar "ba" guda ɗaya tana iya mayar da wanda ya musanta magana ya zama ya amince da ita, alhali a lissafi kuskure ɗaya ne tak. Haka kuma an san irin waɗannan manhajoji da ƙirƙiro jimlolin da ba wanda ya faɗa, musamman a wuraren da aka yi shiru ko hayaniya ta rufe murya, kuma da yake jimlolin sukan zo a tsare, mai karatun da bai saurari naɗin ba ba zai gane su ba. Wannan ne ya sa rubutun na'ura tsagwaronsa ya dace da neman inda aka ambaci wani batu, amma bai dace a ciro maganar mutum daga cikinsa a sa a rahoto ba.

Hanya ta uku ita ce ta fi bukatar lissafi, domin ribarta ba tabbatacciya ba ce kamar yadda ake zato. Mai gyara dole ne ya saurari hirar daga farko har ƙarshe, awa ɗaya ke nan, sannan a ƙaddara masa rabin awa na raba muryoyin masu magana da daidaita alamomin rubutu. Idan kowane kuskure yana cin daƙiƙa shida, tsakanin tsayar da murya da sharewa da sake bugawa, kurakurai 900 za su ci awa ɗaya da rabi. Jimilla awa uku ga kowace hira, awa 180 ga dukan aikin, wato naira 360,000 da ɗan kuɗin na'ura, rabin abin da aikin hannu zai ci. To amma idan kuskuren ya kai kashi 30, kurakurai 2,700 za su ci awa huɗu da rabi, a haɗa da awa ɗaya da rabi na saurare da tsarawa, an dawo awa shida cif, daidai da wanda ya buga daga farko. Duk abin da ya haura wannan iyaka asara ce, kuma gyaran rubutu mai yawan kuskure ya fi bugun sabo gajiyarwa, domin ido yana saurin yarda da abin da ya gani a rubuce ko da kunne ya ji wani abu dabam.

A nan ne harshen hirar yake shigowa. Manhajojin gane magana suna koyo ne daga ɗimbin muryoyin da aka riga aka kwafe, kuma daga cikin awa 680,000 da aka horar da Whisper da su tun farko, mafi yawa na Turanci ne, rabon Hausa kuwa bai taka kara ya karya ba. Ayyuka irin su Common Voice na Mozilla sun tattara muryoyin Hausa, amma yawanci karatun jimloli ne a natse, wanda ya sha bamban da hirar da aka yi a zaure ko a bakin kasuwa, inda janareta ke ruri, mai magana yana Sakkwatanci ko yana sirka Hausa da Turanci, ko da Faransanci idan a Maraɗi ne ko Damagaram. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da sunayen ƙauyuka da na mutane, suna cikin wuraren da mai gyara zai fi tsayawa. Saboda haka adadin ingancin da kamfani ya tallata a kan Turanci ba hujja ba ne ga hirar Hausa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya bayyana a kasafi. Tura muryar mutane zuwa kwamfutar wani kamfani a ƙasar waje lamari ne da ya shafi amanar da suka bayar, kuma a Nijeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shata ƙa'idojin fitar da bayanan mutane daga ƙasa, don haka wajibi ne takardar neman yarda ta ambaci hakan. Ana iya kauce wa matsalar ta hanyar sarrafa manhajar a kwamfutar masu binciken, sai dai hakan yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki.

Matakin da ya kamata a ɗauka kafin a rubuta kasafi shi ne gwaji. A zaɓi hirarraki uku, mai kyan naɗi da matsakaiciya da mafi muni, a yanki minti goma daga kowace, a kwafe su da hannu ana duba agogo, sannan wani mutum dabam wanda bai ji su ba ya gyara daftarin na'ura shi ma ana duba agogo. Gwajin ba zai wuce wuni ɗaya ba, kuma sau da yawa yakan nuna cewa ba hanya ɗaya ce ta dace da dukan tarin ba. Hirar da gyaran minti gomanta ya ci rabin awa ta cancanci gamin na'ura da mutum, wadda gyaranta ya kusa awa ɗaya kuwa gara a miƙa ta ga mai kwafe da hannu tun daga farko.