Kafin Almakashin Asibiti Ya Koma Bakin Aiki

Almakashin da nas ta yanke bandejin mai gyambo da shi yau da safe, shi ne za a ɗauko wa wani majinyacin gobe. Ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa takan kai kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini, ko da ɗigon da ya maƙale ne a mahaɗar almakashin inda ido ba ya kai wa. Shi ya sa ƙaramin asibitin da ya san abin da yake yi yake manna takardar ƙa'idar wanke kaya a jikin bango, kusa da famfo, mataki bayan mataki.

1. Mai wankin ya sa safar hannu mai kauri, da gaban-riga na leda, da takunkumi, da abin kare ido.

2. A wanke kayan da zarar an gama aiki da su, tun jinin bai bushe ba. A buɗe almakashi da hantsaki, a nutsa su cikin ruwan sabulu, a goge haƙoransu da mahaɗarsu da buroshi a ƙarƙashin ruwan don kada ya fantsamo fuska. Nan ne aka fi yin ganganci. Tsofaffin ma'aikata sun saba fara jiƙa kaya a ruwan kilorin na minti 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawarar: jini yana kashe ƙarfin kilorin, kilorin kuma yana cin ƙarfe. Duk almakashin da aka ga ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, galibi a nan ya samo ta.

3. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a tsane, a ɗaga a duba a haske. Wanda aka ga saura a jikinsa ya koma ruwan sabulu.

4. A naɗe, a sa a tukunyar turara kaya, zafi ya kai digiri 121 na tsawon minti 30. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga kunna wuta ba. Tef ɗin da ake liƙa wa ƙunshin zai canja launi, amma shaidarsa ita ce ƙunshin ya ga zafi kawai. Ƙunshin da ya fito da danshi a sake shi.

5. Ma'aunin zafin jiki da abin sauraron ƙirji a goge su da sifirit mai kashi 70 bayan kowane majinyaci.

6. Gadon gwaji da tebur a wanke da sabulu, sannan a bi da ruwan kilorin. Idan bilic ɗin mai kashi 3.5 ne, kofi 1 a ruwa kofi 6 yana ba da kashi 0.5, na wurin da jini ya zuba. Kofi 1 na wannan haɗin a ruwa kofi 4 shi ne na shafe-shafen yau da kullum. Kullum sabo ake haɗawa, domin wanda ya kwana ya sane.

7. A rubuta kwanan wata da lokaci a littafi, wanda ya yi aikin ya sa hannu.

Majinyacin da ya je ɗaurin ciwo yana da haƙƙin ya ga an kwance ƙunshin kayan a gabansa. Idan daga buɗaɗɗen faranti aka ɗauko almakashin, ya tambaya.