Ƙidayar Sifili: Hanyar Farko ta Gane Logaridim

Duk shekara idan aka karanta kasafin kuɗi a rediyo, kalmomi uku ne ke ta yawo a kunnen mai sauraro: miliyan, biliyan da tiriliyan. Da yake sautinsu ya yi kama, mutane da yawa na ɗaukar su kamar ba su da wata tazara mai yawa. To a gwada su da lokaci. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana goma sha ɗaya da rabi ne. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta kai kusan shekara 32. Daƙiƙa tiriliyan ɗaya kuwa ta haura shekara 31,000. Abin da ya raba kowace da mai bi mata sifili uku ne kacal, amma waɗannan sifili uku su ne bambancin mako biyu da rabin rayuwar mutum.

Saboda haka masana kimiyya ba sa yarda su bar ido ya riƙa ƙirga sifili da kansa. Sun ƙirƙiro wata hanya ta rubuta lamba wadda ke fito da adadin sifilin fili, kowa ya gani. Ɗalibanmu na sakandare sun san ta da sunan sitandad fom. Ni a ganina, wanda ya riƙe wannan darasi da kyau ya riga ya ci rabin darasin logaridim, wanda ɗalibai da dama ke jin tsoronsa tun kafin a fara.

Dokar mai sauƙi ce. Ana raba kowace lamba gida biyu. Gida na farko lamba ce daga 1 zuwa ƙasa da 10. Gida na biyu kuma goma ce da wata 'yar lamba a samanta, wadda ke faɗin sau nawa aka ninka goma da kanta. Dubu ita ce 10 × 10 × 10, sai a rubuta 10³. Miliyan 10⁶ ce, biliyan 10⁹, tiriliyan 10¹². Idan lambar ba cikakkiya ba ce irin waɗannan, sai a matsar da ɗigo zuwa bayan lambar farko, a ƙirga gurbin da ya tsallake. A 45,000, ɗigon zai koma hagu gurbi huɗu, a samu 4.5 × 10⁴. Ƙananan abubuwa ma haka ne, sai dai ɗigon dama yake tafiya, lambar sama kuma ta ɗauki alamar ragi. Faɗin ƙwayar jan jini ɗaya wajen mita 0.000008 ne, wato 8 × 10⁻⁶. Alamar ragin ba ta nufin lambar ta gaza sifili. Tana nufin an raba da goma sau shida.

A cikin gidajen nan biyu, lambar sama ce mai nauyin magana. Ita ake kira matakin girma. Za a iya ɗaukar lambobi kamar tsani wanda kowane matakinsa ya ninka na ƙasa da shi sau goma: 1 a ƙasa, 10 a mataki na ɗaya, 100 a na biyu, 1,000 a na uku. Idan aka ce abu ya fi wani da mataki biyu, ana nufin ya ninka shi kusan sau ɗari. Kuskure a gida na farko na iya zama ƙarami, kamar a rubuta 4.6 maimakon 4.5. Kuskuren ɗaya tak a lambar sama kuwa ya ninka amsar sau goma. A ma'aunin magani ko lissafin kuɗi, wannan ba abin wasa ba ne.

Ga wani lissafi da za a iya yi a bayan ambulan. Tsakanin duniya da rana akwai kusan kilomita miliyan 150, wato mita 150,000,000,000. Haske yana gudun mita 299,792,458 a daƙiƙa, a taƙaice 300,000,000. Daƙiƙa nawa hasken rana ke yi kafin ya iso gare mu? Wanda ya shiga rabawa da waɗannan sifili a jere, da wuya ya fita bai zubar da ɗaya ba. Amma a sabon rubutu, nisan 1.5 × 10¹¹ ne, gudun kuma 3 × 10⁸. Sai a raba gidajen farko: 1.5 a raba da 3, an sami 0.5. Gidajen goma kuwa ba sai an raba su ba, ɗebewa ake yi: goma sha ɗaya a cire takwas, saura uku, domin kowace goma ta ƙasa tana kashe goma ɗaya ta sama. Amsa ta zama 0.5 × 10³, wato daƙiƙa 500, minti takwas da daƙiƙa ashirin.

A lura da abin da ya faru a nan, domin shi ne zuciyar maganar. Rabawa ta koma ɗebewa. Haka nan ninkawa tana komawa tarawa: 10² × 10³ ita ce 100 × 1,000, wato 100,000, wato 10⁵, kuma biyu da uku biyar ne. Tarawa da ɗebewa sun fi ninkawa da rabawa sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalar kawai ita ce wannan sauƙi ya tsaya a kan 10, 100, 1,000 da 'yan'uwansu. Su 1.5 da 3 sai da muka raba su da hannu. To tambayar da ta haifi logaridim ita ce: me zai hana kowace lamba ta sami nata matsayi a kan tsanin, ko da tsakanin mataki biyu ne?

A fara da rabin mataki. Wace lamba ce 10 mai 0.5 a samanta? Zuciya za ta ce 5, tunda ita ce rabin goma, amma dokar tarawa ta ƙi. Rabin mataki da rabin mataki dole su ba da mataki guda, saboda haka lambar idan aka ninka ta da kanta sai ta ba da 10. Biyar sau biyar ashirin da biyar ne, ya yi yawa. Lambar da ta dace ita ce kusan 3.16. Ke nan tsakiyar tazarar 1 da 10 a kan wannan tsani tana kusa da uku.

Matsayin 2 ma ana iya gano shi ba tare da na'ura ba. A ninka biyu da kanta sau goma: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024. An iso kusan dubu, wato mataki uku. Idan ninki goma na biyu sun hau mataki uku, kowane ɗaya ya hau kusan 0.3. Jadawali ya ce 0.3010, ka ga ba mu yi nisa ba. Daga nan 5 ta fito a kyauta: tunda 5 ita ce 10 a raba da 2, matsayinta 1 a cire 0.301, wato 0.699. Ita kuwa 3, da yake ta ɗan gaza 3.16, matsayinta ya ɗan gaza rabi: 0.477. Sai 1.5, wato 3 a raba da 2, ta zauna a 0.176.

Wannan matsayi shi ne logaridim, ko log a taƙaice. Log na lamba shi ne abin da za a ɗora a saman goma domin a samu wannan lamba. Log na 1,000 uku ne. Log na 2 kuwa 0.301 ne. Log na 2,000, wato 2 × 10³, sai a tara: 3.301. Lambar da ke gaban ɗigo ita ce lambar sama ta sitandad fom, abin da ke bayan ɗigo kuma daga gida na farko ya fito. Shi ya sa 2, 20, 200 da 2,000 duk wutsiyarsu ɗaya ce, .301, kuma shi ya sa ɗan littafin jadawalin nan mai lambobi huɗu da aka daɗe ana shiga jarabawa da shi bai buƙaci shafi dubu ba. Wutsiyar kawai yake bayarwa, kan kuwa ɗalibi ne ke ƙirga shi.

Mu sake lissafin hasken rana ta wannan hanya. Log na nisan rana 11.176 ne, log na gudun haske 8.477. A ɗebe, saura 2.699. Biyun tana cewa amsar a cikin ɗaruruwa take, .699 kuma mun san na 5 ne. Amsa 5 × 10², daƙiƙa 500 kamar dā, amma wannan karon ba a yi rabawa ko guda ba. Domin irin wannan sauƙi ne John Napier na ƙasar Sikotilan ya wallafa logaridim a 1614, sannan Henry Briggs ya gina shi a kan goma, ya fitar da babban jadawalinsa a 1624. Masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa sun dogara da waɗannan jadawalai fiye da shekara ɗari uku, har kalkuleta ta zo.

Kalkuletar ta ɗauke wahalar ninkawa, amma ta zo da nata tarkon. A allonta, da kuma a kwamfuta, 1.5 × 10¹¹ kan fito a matsayin 1.5E11. Wanda bai sani ba sai ya kwafi 1.5 ya watsar da sauran. Wani kuma yana son shigar da 10³, sai ya danna 10, ya danna maɓallin EXP, ya danna 3. Na'urar za ta ba shi 10,000, domin maɓallin da kansa yana nufin "sau goma mai kaza a sama". Abin da ya kamata ya fara dannawa shi ne 1. Akwai kuma masu tara lambobin sama a wurin da ake tarawa ba ninkawa ba. 10³ + 10² ba 10⁵ ba ce, 1,100 ce kawai. Maganin duka ɗaya ne: kafin a taɓa na'ura, a ƙiyasta matakin amsar da ka. Idan ana sa ran ɗaruruwa sai allo ya nuna dubbai, an san akwai gyara.

Yana da kyau a san iyakar abin. Log ba ya sauƙaƙa tarawa, kuma sifili ba shi da log, domin komai yawan rabawa da goma, 0.1, 0.01, 0.001, ba za a taɓa sauka a kan sifili ba. Lambobin da suka gaza sifili ma ba su da gurbi a kan wannan tsani.

Ko wanda ya bar makaranta tuntuni yana cin karo da log a labarai. Ma'aunin girgizar ƙasa, wanda Charles Richter ya fara tsarawa a 1935, a kan irin waɗannan matakai aka gina shi. Ƙarin ɗaya a ma'aunin yana nufin motsin da na'ura ta auna ya ninka sau goma, ƙarfin da ƙasa ta saki kuma ya ninka kusan sau 32. Girgizar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta kai 7.8. Mai sauraro zai iya zaton ta ɗara mai 5.8 da kaɗan ne, alhali mataki biyu ne a tsakani: motsi sau ɗari, ƙarfi kuwa wajen sau dubu.

Ina roƙon malaman lissafi kada su buɗe jadawalin log a gaban aji sai yara sun iya duban 45,000 su ce tana tsakanin mataki na huɗu da na biyar, kuma ta wuce tsakiya tunda 4.5 ta fi 3.16. Yaron da ya iya faɗin haka, idan ya ga 4.653 a matsayin log ɗinta, zai san daga inda kowane ɓangare ya fito.