Alhaji Daban, Kamfaninsa Daban

Idan kaka ta yi a Rogo da Ƙaraye, masara ta shigo gida, ba kowane ciniki ake yi kuɗi hannu ba. Mai saye yakan loda buhuna ya nufi Dawanau, ya bar takarda da alkawarin biya nan da mako uku. Manomi ya san Alhaji, ya san gidansa, don haka ba ya duba sunan da ke saman takardar. Alhali idan sunan ya ƙare da Limited ko Ltd, to a idon doka ba Alhaji ya ci bashin ba. Kamfanin ne.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda ake kira CAMA, da aka sabunta a 2020, ta ce daga ranar da hukumar CAC ta yi wa kamfani rajista ya zama mutum mai zaman kansa. Yana mallakar fili da mota da sunansa, yana ƙulla yarjejeniya, yana kai ƙara, ana kai ƙararsa. Mai shi zai rasu, kamfanin yana nan. Tun 2020 ma mutum ɗaya tak yana iya kafa shi.

Tushen maganar wata shari'a ce ta Ingila. Aron Salomon, mai sana'ar takalma a Landan, ya mayar da kasuwancinsa kamfani a 1892. A cikin hannun jari 20,007, nasa 20,001 ne, matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ɗaya ɗaya. Kasuwa ta faɗi, aka ce ai kamfanin nan suna ne kawai, Salomon ya biya daga aljihunsa. A 1896 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce a'a: tunda an yi rajista bisa ƙa'ida, bashin na kamfani ne. Kotunan Najeriya har yau a kan wannan suke tafiya.

Mu ƙaddara wani kamfani ya ɗauki masara buhu 200 a kan naira 40,000 kowane buhu, wato miliyan 8. Farashi ya karye, kamfani ya durƙushe, abin da ya rage masa bai wuce na miliyan 3 ba. Alhaji ya yi rajistar hannun jarin naira miliyan 1, ya biya 600,000. Abin da doka za ta nema a wurinsa, a matsayinsa na mai hannun jari, shi ne ragowar 400,000. Shi ke nan. Gidansa da shanunsa ba sa cikin lissafi. Idan kuwa kamfanin ya jinginar wa banki da sitonsa, banki ne zai fara ɗiban haƙƙinsa daga kuɗin siton, manoma su raba abin da ya saura. Abin da ciwo, kuma ban ga laifin wanda ya ce da sake ba. Amma ba don wannan katanga da ke tsakanin kamfani da mai shi ba, da wuya mutum ya sa kuɗinsa a harkar da ba shi yake juya ta ba.

Bankuna sun san da haka, shi ya sa suke sa daraktan kamfani ya sa hannu cewa ya tsaya wa bashin da kansa. Manomi ma yana da ikon neman wannan: layi ɗaya a rubuce, Alhaji ya lamunce zai biya idan kamfani ya gaza, da sa hannunsa da shaidu. Wanda ya ƙi yarda ya gaya maka wani abu.

Katangar tana da ƙofa. Idan kotu ta gano an gudanar da harkar kamfani da nufin damfarar masu bin bashi, tana iya ɗora bashin a wuyan waɗanda suka yi hakan da saninsu. Sai dai faɗuwar kasuwa ba damfara ba ce, kuma mai ƙara ne zai kawo hujja.

Wuƙar tana yankan mai ita ma. Wani mai suna Macaura ya sayar wa kamfaninsa katako a Ireland, amma ya yi inshora da sunan kansa. Gobara ta cinye katakon, a 1925 kotu ta ce ba za a biya shi ba, domin kayan ba nasa ba ne. Haka nan Alhajin da ke zarar kuɗin kamfani ya yi cefane ko ya aurar da 'ya, dukiyar wani yake taɓawa, ko da shi kaɗai ke da hannun jari.

Ba kowace takardar CAC ce ke gina wannan katanga ba. Masu shaguna da yawa rajistar sunan kasuwanci kawai suka yi, lambarsu tana farawa da BN. Wannan laƙabi ne: bashin shagon bashin mai shi ne, har gonarsa. Lambar kamfani kuwa da RC take farawa, kuma galibi tana nan a buge a saman rasit.