Ƙunshiya Mai Gyara Kanta: Yadda Ake Raba Kundi da Tazarar Hannu a Word

Duk ƙarshen zangon karatu, shagunan buga takardu da ke bakin jami'o'i da kwalejoji suna cika da ɗaliban ajin ƙarshe, kowa da kundinsa a filash. Kukan da aka fi ji a wurin iri ɗaya ne. A kwamfutar ɗalibi babi na uku ya fara a saman shafi, amma da aka buɗe a ta mai shago sai ga shi ya zamo zuwa tsakiya. Ƙunshiya ta ce babi na huɗu yana shafi na 41, a kundi kuwa yana na 43. Malamin da ke duba aikin ya sa an ƙara sakin layi biyu a babi na ɗaya, lambobin da ke bayansa duk sun tashi aiki.

Sau da yawa firinta ake ɗora wa laifi, alhali tun daga bugun farko aka shuka matsalar. Word ba ya ganin abin da idonmu ke gani. Idan ka rubuta BABI NA ƊAYA, ka kaurara haruffan, ka ƙara musu girma, ka kai su tsakiyar layi, kai a wurinka kan magana ne. A wurin Word kuwa sakin layi ne kamar kowane, an dai canza masa tufafi. Haka nan idan ka danna Enter sau goma sha biyar don ka tura sabon babi zuwa shafi na gaba, Word bai san babi kake son farawa ba. Abin da ya gani shi ne sakin layi goma sha biyar marasa rubutu. Da zarar an ƙara layi uku a sama, ko aka buɗe takardar da aka tsara a kan Letter aka mayar da ita A4, wadda ta fi ta tsawo da kusan milimita 18, sai lissafin ya rushe.

Maganin shi ne salo, abin da ke rubuce da sunan Styles a ƙarƙashin Home. Salo suna ne da ake laƙaba wa sakin layi, sunan kuma yana tafe da siffarsa. Heading 1 na babban kan magana ne, Heading 2 na wanda ke ƙarƙashinsa, Normal na gundarin rubutu. Waɗannan sunaye Word yake bi ya tattaro ƙunshiya.

Mu ɗauki kundi mai shafi 70, babi biyar, wanda sashe ya ce a buga da Times New Roman mai girman 12, da tazarar layi biyu. An gama buga shi da hannu, ƙunshiyar ma da hannu aka jera ta, ana danna aya har ta kai bakin lamba. Kafin a taɓa komai, a yi Save As a ajiye kwafi da wani suna, domin wasu matakan suna shafar kundin gaba ɗaya a danni guda. Sannan a danna Ctrl+Shift+8, ko alamar ¶ da ke Home. Nan take abin da ke ɓoye zai bayyana: kowane Enter ya zama ¶, kowace tazara ta zama ɗigo tsakanin kalmomi, kowane Tab ya zama ƙaramar kibiya. Wanda bai taɓa gani ba yakan firgita, ya ɗauka kundinsa ya lalace. Ba abin da ya lalace, kuma alamomin ba sa fitowa a takarda. Za ka ga ¶ a jere har ƙasan shafi kafin kowane babi, da ɗigo talatin a gaban kan maganar da aka tura tsakiya da hannu.

Ni a ganina da kanun magana ya kamata a fara, tun giɓin da kaurin haruffan suna nan suna nuna maka inda suke. Mutane da yawa sun taɓa danna Heading 1, suka ga rubutunsu ya koma shuɗi da wani irin harafi daban, suka yi maza suka janye, ba su sake komawa ba. Wannan siffar da Word ya zo da ita ce kawai, kuma sauya ta ba wuya. Je ka kan babi na ɗaya, wanda ka riga ka yi masa siffar da sashe yake so, ka goge ɗigon da aka tura shi da su, ka kai shi tsakiya da Ctrl+E. Ka bar alamar rubutu a cikinsa, ka danna Heading 1 da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Update Heading 1 to Match Selection. Yanzu salon ya ɗauki siffar kan maganarka, baƙi, mai kauri, a tsakiya. Sauran babi huɗun, da shafukan sadaukarwa da godiya da manazarta, sai ka shiga kowanne ka danna Ctrl+Alt+1. Haka za ka yi wa ƙananan kanu irin 1.1 da 1.2 da Heading 2, wanda gajeriyar hanyarsa Ctrl+Alt+2 ce. Idan wani ya ƙi ɗaukar sabuwar siffar saboda tsohuwar kwalliyar hannu, zaɓe shi ka danna Ctrl+Space, zai sake ta.

Akwai wani wuri da kundayenmu suke yawan tuntuɓe. Al'adar ita ce a rubuta BABI NA BIYU a layi ɗaya, BITAR AYYUKAN DA SUKA GABATA a layi na ƙasa. Idan Enter ne ya raba su, kuma duka aka ba su Heading 1, ƙunshiya za ta lissafa su a matsayin abu biyu. Sai a goge wannan Enter ɗin, a sa Shift+Enter a madadinsa. Wannan yana karya layi ba tare da ya buɗe sabon sakin layi ba, don haka a shafi za su fito layi biyu, a ƙunshiya kuma su zauna tare a layi ɗaya.

Kana cikin wannan aiki, buɗe View ka sa alama a Navigation Pane. A gefen hagu kanun da ka naɗa za su jeru, ƙanana a ƙarƙashin manya. Duk wanda bai fito a nan ba, ba zai fito a ƙunshiya ba. Idan ka ga 2.3 ta bi 2.1 kai tsaye, ka tsallake 2.2. Idan kuma ka ga layi fayau babu rubutu, wani ¶ marar komai ne ya ɗauki Heading, sai ka goge shi.

Sai batun tazara, wanda shi ne ainihin abin da ke sa shafuka zamewa. Danna Heading 1 da maɓallin dama, ka zaɓi Modify, sannan Format, sannan Paragraph. A ɓangaren Line and Page Breaks ka sa alama a Page break before. Daga yanzu duk inda Heading 1 yake, sabon shafi zai fara, ko an ƙara shafi goma a gabansa ko an rage. A wurin kuma akwai Keep with next, wanda Word ya riga ya kunna wa kanun magana. Shi ke hana kan magana ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi, bayaninsa yana shafi na gaba. Giɓin da ake so tsakanin kan magana da rubutu kuwa a akwatunan Before da After ake sa shi, misali 12 pt a After. Haka za a yi wa Normal: a sa Line spacing a Double, a ba shi After gwargwadon abin da sashe ya yarda da shi. A lura dai, Heading 1 da Heading 2 a kan Normal aka gina su, rubutun cikin jadawali ma galibi Normal ne, saboda haka bayan ka gyara shi ka leƙa su ka ga ko sun gaji abin da ba ka nufa ba.

Yanzu tsofaffin Enter ɗin ba su da sauran aiki. Danna Ctrl+H, ka cike akwatunan biyu haka:

```
Find what:    ^p^p
Replace with: ^p
```

Alamar ^p tana nufin ƙarshen sakin layi, wato kana cewa duk inda biyu suka haɗu a mayar da su ɗaya. Danni ɗaya na Replace All ba ya gamawa, domin inda suke goma sha shida zai bar takwas. Sai ka maimaita har adadin da yake faɗa ya daina sauka. Amma kada ka saki wannan a kan shafin take da shafin amincewa, inda aka bar fili don sa hannun malamai. Zaɓi rubutun daga babi na ɗaya zuwa ƙarshe kafin ka danna, idan ya tambaye ka ko ya ci gaba da sauran takardar, ka ce No. Bayan haka ka sake duba Navigation Pane, ka tabbata kanunka suna nan yadda ka bar su.

Ƙunshiyar ita ce mafi sauƙi. Goge wadda aka buga da hannu, ka bar takenta, ka ajiye alamar rubutu a ƙasansa. Je ka References, Table of Contents, Custom Table of Contents. A Show levels za ka tarar da 3. Idan sashe babi da ƙananan kanu kawai yake so, mayar da shi 2. Da ka danna OK, kanun za su jeru da ɗigoginsu da lambobinsu a miƙe a gefen dama. Idan saƙon No table of contents entries found ne ya fito, babu ko ɗaya da aka ba Heading. Idan kuma sakin layi guda cur ya faɗo cikin ƙunshiya, to Shift+Enter ne ya raba shi da kan maganarsa, sai Word ya ɗauke su abu ɗaya; ka koma can ka sa Enter na gaske, ka mayar da bayanin Normal da Ctrl+Shift+N.

Shafukan farko masu lambar Romawa ba aikin salo ba ne. Wannan yana buƙatar Next Page daga Layout, Breaks kafin babi na ɗaya, sannan Format Page Numbers a kowane ɓangare. Ƙunshiya dai duk lambar da ta tarar a shafi ita za ta ɗauko, ko iv ce ko 12.

Abu ɗaya da ke yaudarar mutane shi ne, ƙunshiyar ba ta sabunta kanta a lokacin da kake rubutu. Bayan malam ya sa an yi gyara, sai ka danna cikinta ka latsa F9. Zai ba ka zaɓi biyu. Update page numbers only lambobi kaɗai yake gyarawa, Update entire table kuwa yana sake karanta kanun duka, shi ake zaɓa idan an ƙara kan magana, an cire, ko an sauya kalma a cikinsa. Wanda ya goge wani kan magana ya sabunta lambobi kaɗai zai iya ganin Error! Bookmark not defined. a inda lamba take. Sabuntawa gaba ɗaya tana kawar da shi. Kada a gyara kuskuren rubutu a cikin ƙunshiyar kanta, domin F9 na gaba zai share gyaran. A kan maganar da ke cikin babi ake gyarawa. Idan siffarta ce ba ta yi ba, tana da nata salon, TOC 1 da TOC 2, kuma ta hanyar Modify ake sauya su.

Ranar da za a kai kundi shago, a tabbata Size a ƙarƙashin Layout yana kan A4, a sabunta ƙunshiya gaba ɗaya, sannan a yi Save As a zaɓi PDF. Shi za a miƙa wa mai firinta, domin shafukansa ba sa motsi ko a wace kwamfuta aka buɗe shi. Fayil ɗin Word kuma a riƙe shi don gyaran da zai biyo bayan kare kundin.