Godiya ma tana da adireshi

Ƴan uwa mata, a zaman asusunmu na nan Barmu wani abu ya faru da nike so mu duba tare.

Ɗaya daga cikinmu ta ɗauki bashin jika ashirin, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wata malamar lakkol a Tawa ta sayi litir biyar don sunan jikarta. Bayan suna sai ta aiko saƙon murya ta WhatsApp, ta ce man bai yi kumfa a kasko ba, ƙamshinsa ya cika gida, kuma ya iso tun ranar da anka yi alkawari.

Ƴar uwarmu ta ji daɗi ƙwarai, amma hannunta na cikin tunkuza. Sai ta ɗauko tsohon saƙon da take tura wa kowa: "Na gode, Allah shi bar zumunci." Abin da ba ta lura ba, duk saƙon da wani ya rubuto, in anka tura shi gaba, yana fitowa da ƴar kibiya a samansa, da kalmar "Transféré" in salular ta Faransanci ce. Malama ta gani, ta yi shiru. Mai saye litir biyar ba ta faɗowa kullum, ga kuma bashi yana jiran biya.

Munka zauna munka saurari yabon sau biyu, sannan ta yi sabon saƙo da muryarta:

"Malama, barka da hidima. Yaya mai jego da jaririya? Na ji kin ce man bai yi kumfa ba, wallahi ya yi mini daɗi. Sai da na bar shi a wuta har ruwan ya ƙone sarai, ya kwana ya kwanta, sannan na tace. Wancan saƙon cikin gaggawa na tura, ki gafarce ni. Allah shi raya ta."

Ku lura da abin da ke ciki. Ta tambayi mai jego, abin da ba za a iya tura wa wani ba. Ta maimaita abu guda daga cikin yabon, don Malama ta san an saurare ta. Ta faɗi aikin da ya sa man ya yi kyau, iyakar gaskiya, ba ƙari. Ba ta saka talla ko farashi ba, don godiyar da ke ɗauke da ciniki roƙo ce. A daren nan Malama ta amsa, har da dariya.

Kafin ki tura godiya, ki tambayi kanki: in na aika wa wata wannan saƙo, zai dace da ita? In zai dace, to ba ki gama ba.