Daga hotunan allo zuwa fayil ɗin SRT: yadda ake ɗaure magana da lokacinta

Kwanakin baya wani ƙanena ya turo mini hotuna biyar da ya ɗauka daga allon wayarsa. Daga wani gajeren bidiyo suke, inda wata dattijuwa take nuna wa saurayi yadda ake adana wake. A ƙasan hotunan akwai rubutun abin da ake faɗa, amma rubutun manne yake da hoton, irin yadda muke gani a finafinan Kannywood da dama, ba ya ciruwa kuma ba ya gyaruwa. Abin da yake so shi ne a fitar da maganganun a fayil na daban, domin ya ɗora a YouTube, kurame su karanta, daga baya kuma a fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa. Ya ce mini, “Yaya, ai kwafewa ce kawai.” Kwafe kalmomin kam bai kai minti biyar ba. Inda aikin yake shi ne lokaci.

Fayil ɗin da ake nema ana kiransa SRT, sunan kuma ya samo asali ne daga wata manhaja mai suna SubRip da ake amfani da ita wajen ciro rubutun ƙasan allo daga faifan DVD. Rubutu ne zalla, ko a Notepad ana iya yin sa. Kowace magana tana da gida mai hawa huɗu: lambarta, sai layin lokacin fitowarta da ɓacewarta, sai kalmomin, sai layi guda da aka bari babu komai domin raba ta da ta gaba. Ana rubuta lokacin da awa, minti, sakan, sannan kashi cikin dubu na sakan, wato `00:00:02,400` na nufin sakan biyu da kashi ɗari huɗu cikin dubu.

Ga abin da hotunan ƙanena suka nuna. Na farko agogon bidiyon yana kan 0:03, an rubuta “Inna, yaushe ake zuba waken a buhu?” Na biyu yana kan 0:05, kalmomin ba su sauya ba. Na uku 0:08, “Sai ya bushe ƙarau, ɗana.” Na huɗu 0:11, “Ka ciza da haƙori, in ya yi ƙaras, to ya yi.” Na biyar 0:15, allon fayau, babu rubutu.

Wanda bai saba ba zai ce hotuna huɗu masu rubutu, gidaje huɗu ke nan. A'a, uku ne. Hoto na farko da na biyu magana ɗaya ce aka kama sau biyu, kuma idan aka ba kowanne gidansa, mai kallo zai ga jimla ta ɓace ta sake dawowa kamar an maimaita tambayar. Amfanin hoto na biyun shi ne ya shaida mana cewa maganar ta kai aƙalla sakan na biyar tana kan allo. Shi ma hoton da babu rubutu kada a yar da shi, domin shi ne ya tabbatar cewa magana ta uku ta ƙare kafin a wuce sakan na sha biyar.

A nan nake so mai karatu ya tsaya sosai. Hoton allo ƙiftawar ido guda yake kamawa, shi kuwa SRT farko da ƙarshe yake tambaya. Hoton da ke kan 0:08 bai ce a nan Inna ta buɗe baki ba, ya ce kawai a wannan lokacin tana cikin magana. Ko agogon ma ba ya faɗin komai daki-daki: 0:08 yana iya zama ko'ina daga `08,000` zuwa `08,999`. Wasu manhajojin kallo kuma sauran lokacin da ya rage suke nunawa, da alamar ragi a gabansa, wanda ya ɗauki wannan a matsayin lokacin da aka ci zai jera maganganun baibai. Saboda haka hotunan iyaka kawai suke shatawa. Tambayar saurayin ta fara a sakan na uku ko kafinsa, ta ƙare tsakanin na biyar da na takwas. Ainihin wurin sai an koma bidiyon an saurara.

Haka muka yi. Na sa ya turo bidiyon, na buɗe shi a Subtitle Edit, manhaja ce ta kyauta da take zana sauti kamar tudu da kwari, ana ganin inda murya ta tashi da inda ta kwanta. Ga abin da muka samu:

```
1
00:00:02,400 --> 00:00:06,100
Inna, yaushe ake zuba waken a buhu?

2
00:00:07,200 --> 00:00:09,600
Sai ya bushe ƙarau, ɗana.

3
00:00:09,800 --> 00:00:13,500
Ka ciza da haƙori,
in ya yi ƙaras, to ya yi.
```

Magana ta uku na raba ta layi biyu ne saboda harufanta 44 ne, idan aka ƙirga da waƙafi da taraddadin da ke tsakanin kalmomi, masu sana'ar kuwa ba sa son layi ya wuce 42, ba sa kuma son gida ya wuce layi biyu. Na yanke a bayan waƙafi, inda mai magana zai ja numfashi. Na kuma bar ɗan rata tsakanin ƙarshen ta biyu da farkon ta uku, domin ido ya gane cewa rubutu ya sauya. Kada lokacin gida biyu ya hau kan juna, wasu manhajojin za su cakuɗa jimlolin biyu a allo.

Idan bidiyon ya ɓace, hotunan kaɗai suka rage, sai a yi ƙiyasi da saurin karatu. Ka ɗauka mutum yana karanta harufa kamar 15 a sakan guda, ka ga jimla mai harufa 44 tana bukatar kusan sakan uku, sai ka shimfiɗa su a kewayen lokacin hoton, daga 10 zuwa 13. Wannan maneji ne, kuma wajibi ne ka faɗa wa wanda ya ba ka aikin. Duk maganar da aka yi tsakanin hoto da hoto ba a kama ta ba, kada ka ƙirƙiro ta don cike gurbi.

Kurakuran da suka fi hana fayil aiki ƙanana ne. Waƙafi ake sawa kafin lambobi ukun ƙarshe, ba ɗigo ba. Kibiyar tsakiya dole ta zama `-->` da sarari a kowane gefe, kuma Word kan haɗe alamomin ukun ya mai da su alamar kibiya guda, shi ya sa ba na yin wannan aiki a cikinsa. Wajen adanawa a duba kada sunan ya koma `wake.srt.txt`. Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin tarko guda: idan ba a zaɓi `UTF-8` ba lokacin adanawa, ƙ da ɗ da ɓ za su iya fitowa a matsayin alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi, “ƙarau” ta zama abin da ba ya karantuwa.

Kafin ka miƙa aikin, sa `wake.srt` da `wake.mp4` a wuri guda da suna iri ɗaya, ka buɗe bidiyon a VLC, rubutun zai fito da kansa. Ka kalla da sauti, ka ga ko kalmomi suna fitowa tare da murya. Sannan ka kashe sautin gaba ɗaya ka sake kallo, domin haka kurma zai gan shi, kuma duk jimlar da ta tsere maka kafin ka gama karanta ta, koma ka ƙara mata lokaci.