Tiraka da na'urar kulle inji: yadda suke rage kuɗin inshorar motar da ɓarayi ke so

Kamfanin inshora ba ya yanka wa kowace mota farashi ɗaya. Yakan duba darajarta, da garin da take kwana, da kuma yadda ɓarayi ke sha'awar irinta. Motoci irin su Hilux da Corolla da Camry suna da kasuwa, kayan gyaransu ba sa kwantai, don haka wanda ya sace su ba ya shan wahalar rabuwa da su. Idan kamfani ya ga haɗarin sata ya yi yawa, sai ya ɗaga farashi, ko ya gindaya sharuɗɗa. Na'urori biyu ne suka fi sauya wannan lissafi, kuma aikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce na'urar kulle inji, wadda masu wayarin ke kira imobilaiza. A cikin kan makullin akwai wani ɗan ƙanƙanin ƙarfe mai ɗauke da lambar sirri. Da ka zura makulli, wani zobe da ke kewaye da bakin makullin zai karanta lambar ya miƙa wa kwamfutar motar. Idan lambar ta yi daidai, sai ta saki mai da wuta. Idan ba ta yi ba, injin ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan take. Shi ya sa makullin da aka yanko a kasuwa zai iya buɗe ƙofa amma ya kasa tada motar, kuma ɓarawon da ya saba haɗa wayoyi ya tashi a tutar babu.

Birtaniya da Jamus sun wajabta wannan na'ura a sababbin motoci tun 1998, Kanada kuma a 2007. Amurka ba ta wajabta ba, kuma an ga sakamakon. Motocin Kia da Hyundai da yawa da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 sun fito babu ita, satarsu ta yi ƙamari har manyan kamfanonin inshora irin su State Farm da Progressive suka daina karɓar wasu daga cikinsu a wasu birane a 2023. Tunda motocin hannu da yawa daga Amurka ake shigo mana da su, kada ka ɗauka kowace mota tana da ita. Wata alama ita ce ƙaramar fitila mai hoton mota ko makulli da ke ƙiftawa a gaban direba bayan an kashe inji, amma tabbacin yana wurin mai wayarin da zai duba maka da na'urarsa.

Ta biyu ita ce tiraka, na'urar bin sawu. Ita ba ta hana a ɗauki mota. Aikinta yana farawa ne bayan an ɗauka. Tana gane inda motar take ta hanyar tauraron ɗan'adam, sannan ta aika bayanin ta layin waya da ke cikinta zuwa wayarka ko ofishin masu sa ido. Wasu ana haɗa su da famfon mai, ta yadda za a iya kashe motar daga nesa. Wannan ne amfaninta a fashi, domin wanda ya ƙwace mota da bindiga da makullinta yake tafiya, imobilaiza kuwa ba ta san hannun mai mota daga na ɗan fashi ba.

To, yaya wannan ke komawa kuɗi? Na'urar farko tana rage yiwuwar a saci motar, ta biyu tana ƙara yiwuwar a gano ta. Duka biyun suna rage abin da kamfani ke tsammanin zai biya. Sai dai rangwamen yana shafar cikakkiyar inshora ce, ko wadda ta haɗa da gobara da sata. Inshorar dole ta naira 15,000 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, babu ruwanta da satar motarka, don haka tiraka ba za ta rage ko kwabo a kanta ba.

Akwai kuma iyaka. Hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta ƙayyade cewa daga 1 ga Janairu 2023 kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar ba, bayan an cire duk wani rangwame. A ɗauki misali da Hilux mai darajar naira miliyan 40. A ce kamfani ya yanka kashi 6 saboda haɗarin sata, wato naira miliyan 2.4 a shekara. Idan ya yarda ya sauko zuwa kashi 5 saboda an saka tiraka, za ka biya miliyan 2, ka rage naira 400,000. Daga ciki sai ka cire kuɗin na'urar da kuɗin sa ido na shekara, abin da ya rage shi ne ribarka. Amma idan motar ta naira miliyan 6 ce, wannan rangwamen naira 60,000 ne kawai, kuma kuɗin na'urar na iya cinye shi a shekarar farko. Idan kuwa tun farko kashi 5 aka yanka maka, babu inda za a sauko. A nan abin da za ka nema shi ne a rage kason da kai za ka ɗauka daga aljihunka idan aka yi asara.

Ba kowace tiraka kamfani ke amincewa da ita ba. A Birtaniya cibiyar Thatcham ce ke tantance su: ajin S7 bin sawu ne tare da ofishin sa ido, ajin S5 kuma ya ƙara da wata 'yar alama da direba ke riƙewa, wadda idan motar ta motsa babu ita sai a yi ƙararrawa. A Afirka ta Kudu, wasu kamfanoni har tiraka biyu suke nema a kan Hilux da Fortuner. Saboda haka ka tambayi kamfaninka wace iri yake karɓa da wanda zai saka ta, kafin ka kashe kuɗi.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne bayan an saka. Da zarar an rubuta tiraka a takardar inshora, ta zama sharaɗi. Idan aka saci motar aka tarar kuɗin sa ido ya ƙare, ko layin da ke ciki ya mutu, ko makaniki ya cire wayarta ya manta, kamfani na iya ƙin biya. Ka riƙa buɗe manhajar kana duba lokacin da na'urar ta aiko da saƙo na ƙarshe. Idan ta kwana ba ta yi magana ba, akwai matsala. Ka sake gwada ta duk lokacin da aka taɓa batir ko wayarin. Idan kana zaune kusa da Jibiya ko Illela ko Maigatari, ka tabbatar layin yana aiki a Nijar, domin motar da ta ƙetare iyaka da layin da ba ya aiki a can ta ɓace daga allo.

Su ma ɓarayin suna da nasu dabarun. Akwai na'urar da ke toshe sigina, akwai masu ɗauko siginar makullin motocin da ake tadawa da maɓalli daga cikin gida su miƙa wa motar da ke waje, akwai kuma masu haɗa sabon makulli ta kafar da makanikai ke jona kwamfuta. Shi ya sa ake son tiraka mai batirinta, wadda aka ɓoye sosai, mai aiko da saƙo idan an yanke mata wuta.

Idan aka saci motar, ka kira ofishin sa ido nan take, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi takarda, sannan ka sanar da kamfanin inshora cikin wa'adin da aka rubuta. Kada ka bi motar da kanka. Kafin nan kuwa, ka ajiye shaidar saka na'urar da rasit ɗin kowane biya, kuma ka tabbatar rangwamen da aka yi maka alkawari yana rubuce a takardar inshorar, domin ita za a buɗe ranar biyan diyya.